Yadda Ake Gano Lambar Mako a Tsarin ISO 8601, da Abin da Ke Faruwa a Kwanakin Sabuwar Shekara

Ranar Juma'a 1 ga Janairu 2027 ita ce ranar farko ta shekarar 2027 a kalandar Miladiyya, amma a lissafin makonni na ƙasa da ƙasa ba ta cikin 2027 ko kaɗan, domin ta faɗa cikin mako na 53 na shekarar 2026. Haka kuma Litinin 30 ga Disamba 2024, wadda kowa ya san tana cikin 2024, ita ce ta buɗe mako na ɗaya na shekarar 2025. Wanda ya fara cin karo da wannan a kalandar wayarsa ko a jadawalin wurin aiki yakan ɗauka kuskure ne, alhali daidai yake da abin da ƙa'idar ta tanada. Wannan ƙa'ida ita ce ISO 8601, wadda ƙungiyar daidaita ma'aunai ta duniya, ISO, ta fara fitarwa a 1988 domin a samu hanya guda ta rubuta kwanan wata da lokaci, kuma a cikinta ne aka fayyace yadda ake ba makonni lamba.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne cewa kowane mako yana da tasa shekarar, kuma lambar mako ba ta cika sai an haɗa ta da wannan shekara. A yawancin kwanakin shekara, shekarar mako da shekarar kalanda ɗaya ne, shi ya sa ba a lura da bambancinsu. Kwanaki shida ne kawai za su iya saɓawa, wato 29, 30 da 31 ga Disamba, da 1, 2 da 3 ga Janairu, kuma a nan ne kusan duk kurakuran suke aukuwa.

Ƙa'idoji biyu da komai ya rataya a kansu

Ƙa'ida ta farko ita ce mako yana farawa ranar Litinin, ya ƙare ranar Lahadi. Litinin ce rana ta 1, Talata ta 2, Laraba ta 3, Alhamis ta 4, Juma'a ta 5, Asabar ta 6, Lahadi ta 7. Ya kamata a yi hattara a nan, domin sunayen ranakun da muke amfani da su sun samo asali ne daga ƙirgen Larabci da ke farawa da Lahadi, inda Talata ke nufin ta uku, Alhamis kuma ta biyar. Wanda ya saba da wannan ƙirge zai iya ba Alhamis lamba 5 ba tare da ya lura ba, kuma daga nan duk lissafinsa zai gurgunce. A tsarin ISO, Alhamis ita ce ta huɗu, ita ce tsakiyar mako, da kwana uku a gabanta da kwana uku a bayanta.

Ƙa'ida ta biyu ita ce ba a raba mako gida biyu. Kowane mako kwana bakwai ne cif, kuma dukkansa na shekara ɗaya ne. Idan sabuwar shekara ta shigo a tsakiyar mako, sai a duba wace shekara ce ta fi yawan kwanaki a cikinsa, a ba ta makon baki ɗaya. Da yake kwanakin bakwai ne, dole ɗaya daga cikin shekarun biyu ta samu aƙalla huɗu, kuma wadda ta samu huɗu ita ce za ta samu ranar tsakiya. Saboda haka aka taƙaita zancen da cewa mako na ɗaya shi ne makon da Alhamis ta farko ta shekara ta faɗa a ciki. Za a ga wasu suna cewa mako na ɗaya shi ne wanda 4 ga Janairu take ciki, wannan ma magana ɗaya ce aka faɗa ta wata fuska, kamar yadda 28 ga Disamba kullum take cikin makon ƙarshe na shekararta.

Daga waɗannan ƙa'idoji biyu ana iya sanin yadda kowace sabuwar shekara za ta kasance ta hanyar duba ranar da 1 ga Janairu ta kama. Idan ta kama Litinin, kamar yadda ta yi a 2024, to mako da shekara sun fara tare, babu wata rikitarwa. Idan ta kama Talata, Laraba ko Alhamis, tana cikin mako na ɗaya, amma makon ya fara tun cikin Disamba, saboda haka kwana ɗaya zuwa uku na ƙarshen tsohuwar shekara sun koma sabuwar. Idan kuwa ta kama Juma'a, Asabar ko Lahadi, Alhamis ɗin makon ta riga ta wuce a cikin Disamba, don haka kwanakin farko na Janairu su ne za su koma makon ƙarshe na tsohuwar shekara. Haka ta faru ranar Lahadi 1 ga Janairu 2023, wadda ta zama ranar ƙarshe ta mako na 52 na 2022.

Yadda ake rubutawa shi ne a fara da shekarar mako, sai harafin W da lambar mako mai lamba biyu, sai lambar rana idan ana buƙata. Juma'ar da muka fara da ita ana rubuta ta `2026-W53-5`, Litinin ɗin kuma `2025-W01-1`. Sifirin da ke gaban lamba ɗaya yana da aiki, domin shi ke sa makonni su jeru daidai idan aka tsara su a kwamfuta.

Lissafi da hannu, ta hanyar neman Alhamis

Akwai dabarun lissafi da dama, amma wadda na fi amincewa da ita, kuma wadda nake ba kowa shawarar ya fara koya, ita ce ta neman Alhamis, domin ita kaɗai ce take ba da shekara da lamba a lokaci guda ba tare da an yi wani gyara daga baya ba.

Mataki na farko shi ne a san ranar makon da kwanan watan ya kama, a ba ta lambarta daga 1 zuwa 7. Mataki na biyu, a matsa zuwa Alhamis ta wannan makon: daga Litinin a ƙara kwana uku, daga Talata biyu, daga Laraba ɗaya, daga Juma'a a rage ɗaya, daga Asabar biyu, daga Lahadi uku. Shekarar da wannan Alhamis ta faɗa a ciki ita ce shekarar mako, kuma a rubuta ta nan take kafin a ci gaba. Mataki na uku, a ƙirga ko Alhamis ɗin rana ta nawa ce daga farkon shekararta. Domin sauƙi, kwanakin da suka shuɗe kafin shigowar kowane wata a shekara mai kwana 365 su ne 31 kafin Fabrairu, 59 kafin Maris, 90 kafin Afrilu, 120 kafin Mayu, 151 kafin Yuni, 181 kafin Yuli, 212 kafin Agusta, 243 kafin Satumba, 273 kafin Oktoba, 304 kafin Nuwamba, da 334 kafin Disamba. A shekarar da Fabrairu ke da kwana 29, sai a ƙara ɗaya daga Maris zuwa gaba. Mataki na ƙarshe, a raba adadin da aka samu da bakwai. Idan ya rabu cif, amsar ita ce lambar mako, idan kuma an samu saura, komai ƙanƙantarsa, a ƙara ɗaya a kan amsar.

Mu gwada da kwanan wata na tsakiyar shekara tukuna, wato Lahadi 15 ga Maris 2026. Lahadi ita ce ƙarshen mako, saboda haka za mu koma baya kwana uku zuwa Alhamis 12 ga Maris. Kuskuren da aka fi yi a wannan mataki shi ne a ɗauki Lahadi a matsayin farkon mako a nufi Alhamis mai zuwa ta 19 ga wata, wanda zai ƙara mako guda a kan amsar. Alhamis 12 ga Maris tana cikin 2026, kuma ita ce rana ta 71, wato 59 a haɗa da 12. Idan aka raba 71 da bakwai za a samu 10 da saura 1, don haka mako na 11 ne, kuma cikakken rubutun shi ne `2026-W11-7`.

Yanzu mu koma bakin shekara. Daga Juma'a 1 ga Janairu 2027, kwana ɗaya baya ya kai mu Alhamis 31 ga Disamba 2026, to shekarar mako 2026 ce. Wannan Alhamis ita ce rana ta 365, kuma 365 a raba da bakwai 52 ne da saura 1, saboda haka mako na 53. Makon ya fara Litinin 28 ga Disamba 2026, ya ƙare Lahadi 3 ga Janairu 2027, sai Litinin 4 ga Janairu ne mako na ɗaya na 2027 ya kama. Ta ɗaya ɓangaren kuma, daga Litinin 30 ga Disamba 2024, kwana uku gaba ya kai mu Alhamis 2 ga Janairu 2025, wadda ita ce Alhamis ta farko a shekararta, don haka mako na ɗaya na 2025 ne. Matakan da aka bi a cikin Maris su ne aka bi a nan, babu wani keɓantaccen hukunci da aka ƙara.

Sau da yawa aikin yakan zo ta ɗaya hanyar, inda za a ce wa mutum kaya za su iso ko aiki zai kammala a wani mako, shi kuma yana son sanin kwanan watan. Sai a nemo 4 ga Janairu ta shekarar makon, a koma baya zuwa Litinin ɗin makonta, wadda ita ce farkon mako na ɗaya. Daga nan a ƙara kwana bakwai-bakwai gwargwadon lambar makon bayan an cire ɗaya. Misali, a `2026-W03-3`, 4 ga Janairu 2026 Lahadi ce, Litinin ɗin makonta kuma 29 ga Disamba 2025. Ƙarin mako biyu ya kai mu Litinin 12 ga Janairu, rana ta uku kuma ita ce Laraba 14 ga Janairu 2026.

Shekarun da ke da mako 53

Mako 52 kwana 364 ne, shekarar kalanda kuma kwana 365 ko 366. Rarar kwana ɗaya ko biyu da ke saura kowace shekara tana taruwa har ta cika mako, galibi bayan shekara biyar ko shida, sai a samu shekara mai mako 53, wato kwana 371. Da yake kowace Alhamis tana wakiltar mako guda, shekara mai mako 53 ita ce shekarar da ke da Alhamis 53, kuma hakan na faruwa ne idan 1 ga Janairu ta kama Alhamis, ko kuma ta kama Laraba a shekara mai kwana 366. Shekarar 2026 ta fara da Alhamis, 2020 kuma ta fara da Laraba tana da 29 ga Fabrairu. Jerin na kusa shi ne 2004, 2009, 2015, 2020, 2026 da 2032. A zagayen shekara 400 na kalandar Miladiyya akwai kwana 146,097, wato mako 20,871 cif, kuma idan aka cire mako 52 sau 400 sai 71 su rage, don haka shekaru 71 ne cikin 400 suke da mako na 53.

Amfanin sanin wannan yana fitowa ne wajen ƙirga tazarar makonni. Daga mako na 50 na 2026 zuwa mako na 2 na 2027, wanda ya ɗauka kowace shekara mako 52 ce zai ce mako huɗu ne. Amma Litinin ɗin mako na 50 ita ce 7 ga Disamba, ta mako na 2 kuma 11 ga Janairu, tsakaninsu kwana 35, wato mako biyar. Hanya mafi aminci ita ce a mayar da makonnin biyu kwanan watan Litinin ɗinsu, a ƙirga kwanaki, a raba da bakwai.

Inda rahoton mako yake lalacewa

Mu ɗauki misalin ma'aikacin da ke riƙe da jadawalin kayan da ake fitarwa daga wani sito, layi ɗaya ga kowace rana har da Asabar da Lahadi, kuma ana son ya tara jimillar kowane mako. A Excel ya sa kwanan wata a gurbin `A2`, ya ciro shekara da `YEAR(A2)`, ya ciro mako da `ISOWEEKNUM(A2)`, ya haɗa su. Kowanne daga cikin biyun daidai yake aiki, amma na farko shekarar kalanda yake bayarwa, na biyu kuma makon ISO, kuma haɗa su shi ne tushen matsalar. Duk tsawon shekara rahoton zai yi ta fita lafiya lau, har mai shi ya saki jiki.

Da aka kai 30 da 31 ga Disamba 2024, sai jadawalin ya ba su shekara 2024 da mako na 1. Amma ai akwai ainihin mako na ɗaya na 2024, wanda ya kama daga Litinin 1 zuwa Lahadi 7 ga Janairu 2024, saboda haka kayan kwana biyun nan suka koma baya kusan shekara guda suka haɗu da na wancan makon. Sakamakon shi ne makon da aka daɗe da rufe lissafinsa ya kumbura ya zama mai kwana tara, mako na ɗaya na 2025 kuma ya rage saura kwana biyar, ga shi babu wani saƙon kuskure da zai bayyana. Abin da ya fi damuna da irin wannan kuskure ke nan, domin jimillar kwanaki baki ɗaya ba ta canzawa, sai dai an ɗora ta a inda ba nan ne muhallinta ba, kuma mai duba rahoton zai iya yanke hukuncin cewa aiki ya ja baya a farkon shekara alhali babu abin da ya ragu. A ƙarshen 2026 kuskuren zai fito da wata kama, inda 1 zuwa 3 ga Janairu 2027 za su samu lakabin `2027-W53`, makon da babu shi sam tunda 2027 mako 52 gare ta, kuma zai je ya zauna a ƙarshen jerin, bayan Disambar 2027.

Gano matsalar ba shi da wuya idan an san abin da ake nema. A ƙirga kwanakin da ke ƙarƙashin kowane lakabin mako, duk wanda ya wuce bakwai, ko ya gaza bakwai ba tare da dalili ba, to an haɗa shekarar kalanda da makon ISO. Gyaran kuwa shi ne a ciro shekarar daga Alhamis ɗin makon, kamar dai yadda muka yi da hannu:

```
=YEAR(A2-WEEKDAY(A2,2)+4)&"-W"&TEXT(ISOWEEKNUM(A2),"00")
```

`WEEKDAY(A2,2)` yana ba da lambar rana da Litinin a matsayin 1, saboda haka cire ta a ƙara 4 yana kai kwanan watan kan Alhamis. A lura kuma cewa `WEEKNUM(A2)` shi kaɗai wani tsari ne daban, wanda ke fara mako ranar Lahadi, yake kuma ɗaukar duk makon da 1 ga Janairu take ciki a matsayin na ɗaya ko da kwana ɗaya ne kawai a cikinsa. A wannan tsarin 31 ga Disamba 2028 za ta fito a mako na 54, lambar da ba ta yiwuwa a ISO. Wanda yake son makon ISO daga gare shi sai ya rubuta `WEEKNUM(A2,21)`.

Masu rubuta manhaja suna gamuwa da wannan tarko a ƙarƙashin wasu sunaye. A umarnin `date` na GNU, `%V` shi ne makon ISO, abokin tafiyarsa kuma `%G` ne, `%Y` kuwa shekarar kalanda ce:

```
date -d 2027-01-01 +%G-W%V-%u
2026-W53-5
```

A Python, `isocalendar()` yana ba da shekara da mako da rana tare, wanda hakan ya fi aminci tunda ba a ba mutum damar haɗa su da kansa ba, kuma `fromisocalendar()` yana yin aikin komawa kwanan wata. A PostgreSQL, `WEEK` yana tafiya ne da `ISOYEAR`. A Java kuma kuskuren yakan zo ta bayan gida, domin `YYYY` da manyan haruffa shekarar mako ce, `yyyy` da ƙanana ita ce ta kalanda. Wanda ya rubuta `YYYY-MM-dd` zai ga daidai kusan duk shekara, sai ranar 30 ga Disamba 2024 ta fito masa a matsayin `2025-12-30`.

Akwai iyakoki biyu da ya kamata a sani. Na farko, makon ISO ba ya bin wata, kuma ƙa'idar ba ta ce ga watan da mako yake ciki ba, saboda haka wanda zai haɗa rahoton wata daga na makonni dole ya tsai da tasa dokar ya rubuta ta, kuma bin watan da Alhamis ta faɗa shi ne ya fi dacewa da tsarin. Na biyu, mako yana sauyawa ne da tsakar daren Lahadi wayewar Litinin, kuma tsakar dare ba lokaci ɗaya take yi a ko'ina ba. Abin da aka rubuta da ƙarfe 23:30 na daren Lahadi a agogon UTC ya riga ya shiga Litinin a wurin da ke gaba da awa ɗaya, wato sabon mako, wani lokaci ma sabuwar shekarar mako. Sai a tsai da agogon da za a bi kafin a ciro lambar.

Kafin a amince da kowane jadawali ko manhaja, a gwada shi da kwanaki huɗu: 30 ga Disamba 2024 ta ba da `2025-W01`, 1 ga Janairu 2023 ta ba da `2022-W52`, 31 ga Disamba 2026 da 3 ga Janairu 2027 kuma dukansu su ba da `2026-W53`. Idan na farko ya fito da 2024 ko na biyu ya fito da 2023, shekarar kalanda aka ɗauka. Idan kuwa biyun ƙarshe suka fito da lambobin mako mabambanta, to tsarin da ake amfani da shi ba na ISO ba ne, sai a koma a duba ranar da aka sa mako ya fara da kuma dokar da aka bi wajen zaɓen mako na ɗaya.